An ce sifa ta yi wa waƙata yawa, ya zan yi aikatau ya ɗauki nauyin?

"Malam barka da warhaka. Na tura wa wata yayata da ta daɗe tana rubutu waƙata, sai ta ce sifa da bayanau sun yi mata yawa, wai in bar aikatau ya yi aikin. Na gwada gogewa sai na ga waƙar ta koma tsirara. Ga baitin da ta fi kuka da shi:

Tsohuwa mai rauni mai tsananin baƙin ciki
tana tafiya a hankali ƙwarai cikin duhun dare mai ban tsoro
tana kuka sosai mai ban tausayi

Ya zan yi da shi don Allah?"

Barka kadai ƙanwata. Yayarki ta faɗi gaskiya, amma rabin maganin ta ba ki, shi ya sa da kika goge sai kika ga babu komai a ƙasa. Dubi baitin da kyau, aikin da ke cikinsa guda biyu ne kacal, tafiya da kuka, kuma duka biyun irin kalmomin nan ne masu faɗi da kowa yake yi, yaro na tafiya, soja na tafiya, mai ciwon ƙafa na tafiya, ɓarawo ma na tafiya. To tunda kalmar ba ta nuna wace irin tafiya ba ce dole hannunki ya je ya ɗauko "a hankali", da kika ji bai isa ba kika ƙara "ƙwarai". Ma'ana sifofin nan tokara ce kika yi wa katangar da ta karkata. In kika zare tokarar ba ki gyara katangar ba ai faɗuwa za ta yi. Saboda haka ba daga gogewa ake farawa ba, daga canza aikatau ake farawa, in ya yi ƙarfi za ki ga sifar da kanta ta rasa wurin zama.

Akwai kuma wani abu da ya shafi Hausa ita kanta. Sifofinmu na asali ba su da yawa, babba, ƙarami, sabo, tsoho, dogo, gajere, fari, baƙi, ja, mugu, ɗanye da 'yan kaɗan irinsu. Sauran duk da "mai" muke ƙera su, mai kyau, mai rauni, mai ban tsoro. Shi ya sa duk wanda ya ce zai tara sifa a waƙar Hausa ƙarshenta mai-mai-mai zai yi ta yi, ƙirga naki ki gani, "mai" huɗu a ɗango uku. Kunne yana jin wannan maimaicin tun kafin hankali ya kai ga ma'ana. Alhali ta ɓangaren aikatau harshen nan ya wadata sosai, saiwa ɗaya sai ta ba ki kalma biyar ko shida kowacce da inda ta dosa.

Wasalin ƙarshe yana aikin bayanau

Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe. Masana nahawu suna kasa aikatau na Hausa giredi bakwai, tsarin da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, amma ke ba sai kin haddace lambobin ba, bakinki ya riga ya san su tun kina ƙarama. Ɗauki "fita". Ya fita, ya fito, ya fice, ya fitar. Wanda ya fita ya bar wurin ne kawai. Wanda ya fito ya nufo inda mai magana yake. Wanda ya fice kuwa akwai ƙarasawa a ciki, ya tafi abinsa, har kina iya jin fushi ko ko-in-kula a jikin kalmar. To idan kika rubuta "ya fita gaba ɗaya cikin fushi ba tare da ya waiwaya ba" kin kashe kalma goma sha biyu a kan abin da "ya fice" ya kusa gamawa da wasali ɗaya.

Haka "zuba". Ruwa ya zubo, daga sama zuwa gare mu. Ruwa ya zube, ya ƙare kaf a ƙasa. Ta zubar da ruwa, ta rabu da shi da hannunta. Mutum ma sai ya zube, kuma in kin ce "ya zube a bakin ƙofa" ba kya buƙatar ki ce a gajiye ko a raunane. Mai ƙarewa da -e sau da yawa yana ɗauke da "duka" ko "gaba ɗaya", mai -o yana ɗauke da "zuwa nan", mai -ar yana ture abu daga jikin mai yi, mai -u kuma yana cewa abin ya yiwu ko ya yi sosai, kamar ya gyaru, ya daku, ya kamu. Kin ga "sosai" ɗin da muke ta liƙawa a ƙarshen ɗango, -u ya riga ya haɗiye shi. "An buge shi sosai" da "ya bugu", faɗi su da baki ki ji wanne ya fi sauka.

Sai ninki. Ya kama, ya kakkama. Ta taka, ta tattaka. Ya yage, ya yayyage. Ninkin nan yana faɗin an yi abin sau da yawa, ko a wurare da yawa, ko ga abubuwa da yawa, wato ya ɗauke miki "akai-akai" da "ko'ina" da "ɗaya bayan ɗaya".

Mu zauna kan baitin naki

Abin da nake yi in an kawo min irin wannan, nakan ɗauki kowace sifa in tambaye ta tambaya ɗaya, da idona me zan gani har in yarda da ke? Kin ce tsohuwar mai rauni ce. To ni da nake tsaye a gefe ba wanda ya gaya min, me jikinta zai yi in gane? Za ta dafa wani abu. In raunin ya yi yawa ba sau ɗaya za ta dafa ba, za ta yi ta dafawa tana sakewa tana matsawa, wato ta daddafa. Shi ke nan, "mai rauni" ya tafi, kuma ya tafi da "a hankali ƙwarai", don ba a daddafa bango da gudu.

Duhun dare fa? Me mutum yake yi a duhu da ba ya yi da rana? Lalube. In ta lalubi ƙofa mai karatu ya san ba ta gani, ba sai kin ce duhu ba balle ki ce dare. A nan akwai ɗan haɗari da zan gaya miki gaskiya, wani zai iya ɗauka makauniya ce. In hakan zai ɓata miki ma'ana sai ki sa dare a wani ɗangon na baya ko a kan waƙar, sau ɗaya ya isa, ko ki bar wa fitila aikin, ki ce fitila ta mutu. Lura ko a nan aikatau ne ya kawo duhun.

"Mai ban tsoro" da "mai ban tausayi" su ne na fi so ki yi hankali da su, don su umarni ne kike ba mai karatu, ji tsoro, ji tausayi. Mutum kuwa ba ya jin tausayi don an ce ya ji. Su waɗannan biyun ba na neman abin maye gurbinsu ma, cire su nake yi in ga ko sauran baitin zai haifar da abin da kansa.

Saura baƙin ciki da kuka, kuma nan ne aikin yake. Hausa tana da hanyoyi da yawa na shiga kuka, a fashe da kuka, a ɓarke da kuka, a rushe da kuka, a kece da kuka, kowanne da ƙararsa. Fashewa abu ne da ya cika ya kasa riƙuwa. Rushewa kuwa kamar gini ne, mutum gaba ɗayansa ya sauka. Duk sun fi "tana kuka sosai". Amma da na sake karanta naki sai na ga tsohuwa ce ita kaɗai cikin dare, kuma a nawa ganin irin wannan ba ta cika ɓarkewa ba, dannewa take yi. Kukan da ake ƙoƙarin dannewa ya fi wanda aka saki taɓa mai kallo. Sai na je ga haɗiyewa. Ga yadda ya fito min:

Tsohuwa ta daddafo bango, ta lalubo ƙofa
ta kira sunansa, ta saurara
ta haɗiye kukan, ya ƙi haɗiyuwa

Ba na cewa wannan ne daidai, waƙarki ce, kuma na ƙara abin da ba ki faɗa ba, wato akwai wani da take kira. Amma hakan ma darasi ne. Da na tambayi "baƙin ciki" me zan gani, sai ya tilasta min in san dalilin baƙin cikin, sifar ce ta ba ki damar tsallake wannan tambayar. Aikatau ba ya barin mutum ya tsallake, dole ki san wa ya yi me, kuma ga wa.

Dubi "ta saurara". Ban ce ba a amsa ba, ban ce shiru ba, amma ɗango na uku da ya zo da kuka ya gaya miki ba a amsa ba. Sannan dubi -o ɗin da ke daddafo da lalubo. Da farko "ta daddafa bango, ta lalubi ƙofa" na rubuta, kuma daidai ne, sai dai mai kallo yana can nesa yana hango ta. Da na mai da su -o sai ya zama mu muna wajen ƙofar, mu take nufowa, wataƙila ma muna cikin ɗakin da wanda take kira ya kamata ya kasance. Wasali ɗaya ya ɗauke mai karatu daga wani wuri ya ajiye shi a wani. Ke za ki zaɓi inda kike so ya tsaya, ni dai -o ɗin ya fi min. Shi kuma "ya ƙi haɗiyuwa" ya mai da kukan abu mai taurin kai, ita da shi suna kokawa, kuma a nan "tsananin" naki ya koma.

Na bar "tsohuwa" kin gani. Kalma ɗaya ce, tana aikin suna a nan, kuma babu aikatau da zai faɗe ta da arha haka.

Wani canjin da na yi ba tare da na faɗa ba shi ne lokaci. Naki "tana… tana" ne, abu mai ci gaba, kamar hoto da aka rataye. Nawa "ta… ta… ta" ne, kowane aiki ya faru ya ƙare wani ya biyo. "Tana" yana gayyatar sifa, don in abu yana ta faruwa ba ya motsawa gaba sai marubuci ya fara yi masa ado. Ba laifi ba ne, akwai inda ake son tsayawar, amma in kin ga baiti ya cika da kwalliya duba ko duk "yana" da "tana" ne.

Wata dabara ƙarama, sifofi irin su busasshe, karyayye, rufaffe, yagagge, ai duk daga aikatau suka fito, an daskarar da su ne. "Karyayyen reshe" abu ne da ya riga ya faru ba mu nan. "Reshe ya karye" a gabanmu ya faru har mun ji ƙarar. Sau da yawa narkar da su kawai za ki yi.

Maganar amsa-kama

A nan nakan saɓa da masu cewa a kori duk wani bayanau. Wannan shawarar in aka ɗauke ta yadda take aka ɗora wa Hausa za ta yi ɓarna, don muna da amsa-kama, tsit, cak, wuf, tinjim, sharkaf, kwatsam, kuma a nahawu yawancinsu aikin bayanau suke yi. Amma ai ba ɗaya suke da "sosai" da "ƙwarai" da "matuƙa" ba. "Sosai" ƙara murya ce kawai, ba ta da hoto. "Ya tsaya cak" kuwa ya nuna miki tsayuwar da aka yi farat ɗaya ana cikin tafiya, abin da "ya tsaya" shi kaɗai bai faɗa ba. Gwajin da nake yi shi ne in cire shi in karanta, in hoton bai canza ba to dama cikon wuri ne. Sannan akwai waɗanda suka daɗe tare har sun zama kamar kalma ɗaya, fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, su kunne ya saba da su har ba ya jin su. Ni dai da wuya in bar amsa-kama fiye da ɗaya a baiti, don in sun yi biyu uku sai su fara gasa da juna, waƙar ta koma ƙara.

A baitin can na gwada "ta saurara, tsit" na kuma cire. Ya yi daɗi a baki amma ya faɗi abin da nake so mai karatu ya gano da kansa.

Inda abin yake ɓacewa

Na taɓa kamuwa da wannan ra'ayin har ya yi min yawa. Na ɗauki wata waƙa tawa mai baiti goma sha biyu na kore duk sifa, kowane ɗango ya zama ya tashi ya fita ya dawo ya zauna, ina ganin na yi abin kirki. Da na karanta wa abokan rubutu sai wani ya ce min to Malam sai kuma aka yi yaya, an kama ɓarawon? Dariya aka yi, kuma yana da gaskiya, rahoto na rubuta. Aikatau a jere ba hutu yana sa gudu, kuma ba kowace waƙa ce ke son gudu ba. Yadda za ki gane kin faɗa ramin nan shi ne in kina karantawa da ƙarfi numfashinki bai sami inda zai sauka ba, ko kuma za ki iya musanya ɗango biyu ba abin da ya lalace. Maganinsa ki sa aikin da shi kansa tsayawa ne, irin saurara, jira, zura ido, ko ki bar ɗango ɗaya ya zama suna zalla ba aiki.

Ɓata ta biyu ita ce farautar kalma a ƙamus. Mutum ya ji an ce aikatau mai ƙarfi sai ya je ya tono wata kalma da ko shi bai taɓa ji a bakin kowa ba. Ƙarfin aikatau dacewarsa ne da abin da ya faru. Dafa, kira, haɗiye, duk kalmomin yau da kullum ne. In mai karatu ya tsaya yana tambayar ma'anar kalma to ya fita daga ɗakin tsohuwar.

Kuma ba kowane "yi" ne rauni ba. Wasu sukan ce a guji "ya yi kaza", amma a Hausa ya yi barci, ya yi dariya, ya yi shiru, haka ake faɗinsu, in kika ce sai kin kauce musu za ki ƙare da Hausar da ba ta kowa ba. Wanda ake zargi shi ne irin "ya yi tafiya cikin sauri" alhali ga ya ruga, ga ya sheƙa, ga ya arce, kowanne da irin gudunsa, arcewa ma har da tserewa a ciki.

In waƙar mai kari ce

Baitinki ba shi da amsa-amo kuma tsawon ɗangogin bai daidaita ba, shi ya sa na yi gyaran a sake. Amma in kina rubuta mai kari da amsa-amo, ƙwar biyu ko ƙwar biyar, to ki sani yawancin "ƙwarai" da "sosai" da "ainun" da ke ƙarshen ɗango ba don ma'ana suka shigo ba, kari ne ya rage gaɓa biyu marubuci ya cike. A nan gyaran ya fi wuya, don duk aikatau da kika canza kin canza nauyin gaɓa. Kuma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, dole sai da kunne. Misali "ya kama shi" wasalin ƙarshen kama dogo ne, amma "ya kama hannu" ya gajarce saboda suna ne ya biyo baya. A takarda iri ɗaya ne, a kari kuwa gaɓa mai nauyi ce da marar nauyi. Shi ya sa nake cewa a rera ɗangon bayan kowane canji, ko ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, za ki ji inda ƙafa ta yi tuntuɓe.

Daɗin abin shi ne giredin nan suna ba ki zaɓi ta fuskar amsa-amo ma. In waƙar tana ƙarewa da -o, ga fito, zubo, dawo, hango. In da -e ne, ga fice, zube, haɗiye, rushe. Sai dai kar amsa-amo ya zaɓa miki giredi, don na sha ganin an rubuta "ya tafo" a inda mutumin tafiya yake yana nisa da mai magana, kawai don ɗangon ya ƙare da -o. Mai kunnen Hausa zai ji alkiblar ta juye ko da bai iya faɗin dalili ba. In ya zama dole ki zaɓa tsakanin giredin da ya dace da amsa-amo, sake gina ɗangon ta yadda wata kalma ce za ta zo ƙarshe, suna ko lamiri, aikatau ya koma tsakiya. Ni kaina wani ɗangon sai in juya shi sau biyar shida kafin ya zauna, wani kuma ya ƙi, in haƙura in bar masa sifarsa guda ɗaya.

Ki ɗauki baiti na gaba a waƙar, ki ja layi ƙarƙashin kowane "mai" da kowane "sosai", ki yi wa kowanne tambayar nan ta me zan gani da idona, ki turo min in ga abin da ya fito. Ina so in san ma wa tsohuwar take nema a taki waƙar, don in ba kowa take kira ba to ɗango na biyu da na rubuta bai dace ba, sai mu nemi wani aikin da hannunta ko bakinta zai yi a bakin ƙofar.